YAWAN TASHI FITSARI DA DARE: A AUNA KAFIN A SHA MAGANI

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonninku na wannan wata, daga Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukansu, ita ce ta fitsarin dare. Wani ya ce sau uku yake tashi, wani sau biyar. Wani dattijo ya turo da murya yana cewa: "Malam, wanga fitsari ya hana min kwana, ko Asuba ban samu da jama'a." Kusan kowa kuma ya riga ya raɗa wa ciwonsa suna. Namiji ya ce furostet ne, mace ta ce sanyi ne, sai su nemi a haɗa masu magani.

To a sani, yawan fitsarin dare ba cuta guda ba ce. Alama ce, kuma abubuwa huɗu suka fi kawo ta ga babban mutum: furostet, ciwon suga, ciwon zuciya, da ɗabi'ar ci da sha. Mutum huɗu suna iya tashi sau huɗu-huɗu a dare guda, kowa da dalilinsa, kuma maganin ɗaya yana iya cutar da ɗayan. Mai ɗori a Aliero ba ya ɗaure ƙafa sai ya laluba ya gane inda ƙashi ya karye. Haka nan ma wannan. Abin da ke raba su shi ne sanin yawan fitsarin da lokacin fitarsa, kuma wannan awo ne da kowa zai iya yi a gidansa ba da kashe ko sisi ba.

*Sau nawa ne ya yi yawa?*

Lafiyayyen baligi yakan fitar da fitsari kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini da dare. Mafitsararsa tana riƙe mil 300 zuwa 500 kafin ta matsa masa, wato abin da bai wuce ledar ruwa guda ba, domin ledar da ake sayarwa rabin lita ce, mil 500. Da dare kuma Allah Ya hore wa jiki wani sinadari da ke sa ƙoda ta rage tace ruwa, shi ya sa saurayi yake kwana har Asuba bai motsa ba. Idan shekaru suka ja, wannan ragewar tana yin rauni. Saboda haka wanda ya haura sittin in yana tashi sau ɗaya, kuma yana komawa barci, yawanci babu damuwa. Sau biyu zuwa sama kullum, ko kuma abin ya canza farat ɗaya, shi ne ake bincike.

*Yadda ake awon kwana uku*

Duban fitsari ba baƙon abu ba ne a likitancin Musulunci. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ware masa babi a cikin littafinsa Alƙanun, inda ya yi magana a kan launinsa da yawansa da abin da ke kwantawa a ƙasansa. Mu yawan muke nema.

A samu roba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta. A juye ledar ruwa guda a ciki, a ja layi a inda ruwan ya tsaya, wannan mil 500 ne. A ƙara leda ta biyu a ja layi, lita guda ke nan. Sai a raba kowane tsakani biyu, a samu layin 250 da na 750. A zubar da ruwan. Wannan roba ta zama ta najasa, a ajiye ta a makewayi, kada ta haɗu da butar alwala, kuma a riƙa ɗauraye ta bayan kowane awo.

Sai a ɗauki takarda a raba ta gida biyu, rana da dare. Duk lokacin da aka yi fitsari a duba layi a rubuta. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa. A nan ne mutane suka fi kuskure, don haka a lura: fitsarin ƙarshe da aka yi kafin a kwanta na rana ne. Duk wanda aka tashi aka yi bayan an kwanta na dare ne, har da na farkon tashi da Asuba, domin cikin dare ƙoda ta tara shi. A gefe kuma a rubuta abin da aka sha daga La'asar zuwa kwanciya. A yi haka kwana uku, kada a rage shan ruwa don a burge takarda. A zaɓi ranakun da ake gida, ba ranar kasuwa ba.

Bayan kwana uku takardar za ta amsa tambaya uku. Kowane fitsari kaɗan ne ko mai yawa? Jimillar yini da dare ta wuce lita uku? Na dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jimillar?

*Na farko: kaɗan-kaɗan, dare da rana*

Idan kowane zuwa bai wuce mil 100 zuwa 150 ba, kuma jimillar ba ta wuce ta kowa ba, to ruwan bai ƙaru ba, ma'ajiyar ce ta samu matsala. Ga namiji da ya haura hamsin, furostet ake fara tuhuma. Wani ɗan nama ne kamar girman goro, yana ƙarƙashin mafitsara, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Da shekaru yakan girma ya matse hanyar, sai mafitsara ta kasa juye abin da ke cikinta gaba ɗaya. Wadda ba ta zube duka ba kuwa, nan da nan take sake cika.

Mai wannan ya san kansa. Yakan tsuguna ya jira kafin fitsarin ya fara. Yana fita ba ƙarfi, yana yankewa yana dawowa, sai ya yi nishi. Ya gama istibra'i ya miƙe, sai ya ji ɗigo a wando. Kuma matsalar ba ta dare kaɗai ba ce, da rana ma yana fama, tsakanin Azahar da La'asar sai ya sake alwala.

Girman furostet ba shi ne ciwon daji ba, kuma mafi yawan masu shi ba su da daji. Amma alamun suna kama da juna, kuma ba a raba su da ido ko da jiƙo. A asibiti likita yakan taɓa naman da yatsa ta dubura, wanda lalura ce kuma shari'a ta halatta. Ana gwajin jini da ake rubuta wa PSA a takarda, ana kuma hoton mara don a ga yawan fitsarin da ya rage bayan an gama. Akwai ƙwaya irin tamsulosin mai sassauta hanyar cikin 'yan kwanaki, sai dai tana sa jiri in an miƙe da sauri. Akwai mai rage girman naman, ita sai an yi kamar wata shida ana sha. Mai wannan matsala ya yi hattara da maganin mura na kemis, domin wasunsu suna iya toshe fitsarin ɗungurungum a dare guda.

Mata ba su da furostet, amma su ma suna yin kaɗan-kaɗan ɗin, saboda ƙwayar cuta a mafitsara, ko juna biyu, ko raunin mara bayan haihuwa da yawa da ɗaukewar haila. In akwai zafi ko raɗaɗi a yi gwajin fitsari, a daina shan "maganin sanyi" wata da watanni ba a san abin da ake kashewa ba. Mutanen fadama da bakin gulbi kuma, duk wanda ya ga jini a ƙarshen fitsari ya tuna da tsargiya. Tana da magani, amma in ta daɗe tana ɓata mafitsara.

*Na biyu: mai yawa, dare da rana, da ƙishirwa*

Idan jimillar ta wuce lita uku, wato leda shida, kuma kowane zuwa cike yake, to ciwon suga ne a sahun gaba. Idan suga ya yi yawa a jini har ya haura kamar 180 a na'urar awo, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya tsallaka cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa mai shi yake ajiye kwanon ruwa a bakin gado: ya tashi ya yi fitsari, ya sha ruwa, ya sake tashi. Ba shan ruwan ne ya kawo fitsarin ba, fitsarin ne ya kawo ƙishirwar. Hana shi ruwa zalunci ne kuma haɗari ne.

Sauran alamun su ne rama alhali ana ci, kasala, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, da ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa tururuwa tana taruwa a inda mai suga ya yi fitsari. Gaskiya ne, amma ba ta zuwa sai abin ya yi nisa, don haka rashin tururuwa ba shaidar lafiya ba ce.

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai, bayan awa takwas ba abinci. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita wata rana aka sake samu, suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu lambar ita ce 7.0. Wanda kuma yake da alamun nan aka auna shi a kowane lokaci aka samu 200 ko fiye, shi ma ya tabbata.

A nan zan ja kunnen masu sana'a irin tawa. Zuma waraka ce, ba mu shakka, amma zuma zaƙi ce. Haɗin zuma da dabino da ake ba dattijo wai don ƙarfin mara, in mai suga ne, ƙara masa fitsarin zai yi, ya kuma ƙara masa ciwon. Kada a ba mai yawan fitsari zuma cokali-cokali sai an ga lambar jininsa.

*Na uku: kaɗan da rana, mai yawa da dare*

Wannan shi ne wanda aka fi jahilta, don haka zan kawo misalinsa dalla-dalla.

Wani magidanci mai shekara 66, dillalin albasa daga yankin Aliero, yana tashi sau huɗu kowane dare. Wata biyar yana shan jiƙon furostet da ya saya a kasuwa, abin sai gaba yake yi. Da ya yi awon, ga abin da takardarsa ta nuna a rana ta biyu, sauran ranakun ma kusan haka. Tun daga hantsi har kwanciya ya yi fitsari sau biyar, jimilla mil 950. Da dare kuwa ya tashi ya yi 300, sai 250, sai 300, sai 250, sannan na Asuba 250. Na dare ya kama mil 1,350.

Mu bi tambayoyin nan uku. Kowane zuwa na dare mil 250 zuwa 300 ne, kuma ya ce yana fita da ƙarfinsa ba jira, to wannan bai yi kama da toshewar furostet ba. Jimillar yini da dare mil 2,300 ce, ba ta kai lita uku ba, ba ya fama da ƙishirwa, kuma da aka auna sugansa da safe 98 aka samu. Saura ta uku. Kashi ɗaya cikin uku na 2,300 bai kai 800 ba, shi kuwa na darensa 1,350 ne, fiye da rabi. Ashe jikinsa yana ɓoye ruwa da rana, yana sakinsa da dare.

Ina yake ɓoye shi? A ƙafa. Da aka ce ya ɗaga wando bayan La'asar, aka danna ƙashin ƙwaurinsa da babban yatsa aka ƙirga goma, da aka ɗaga sai ga rami ya zauna. Ya ce takalminsa yakan matse shi da yamma, da safe ya sake. Ya ce da matashi uku yake kwana, in ya kwanta a miƙe numfashi yana yi masa wuya, kuma tafiyar masallaci da bai ɗauke ta komai ba a da, yanzu sai ya tsaya ya huta.

Ga yadda abin yake. Idan zuciya ta yi rauni ba ta iya jawo jini daga ƙafafu da kyau. Mutum yana wuni a zaune a kan benci ƙafa a ƙasa, ko a tsaye yana ban ruwa, sai ruwa ya taru a ƙafa. Da ya kwanta jiki ya miƙe, ruwan ya koma cikin jini, ƙoda ta same shi ta tace, mafitsara ta cika sau huɗu kafin Asuba. Mafitsarar ba ta da laifi, aikinta take yi.

A asibiti aka samu hawan jininsa 170 bisa 100, hoton zuciya kuma ya nuna ta yi rauni. Abubuwa biyu da yake yi suna ƙara masa: jiƙon nan akwai jar kanwa a ciki, kanwa kuwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Sannan kullum yana shan ƙwayar ciwon gwiwa irin diklofenak, ita ma tana riƙe ruwa tana wahalar da ƙoda. Aka tsayar da su duka biyun. Aka ɗora shi a kan maganin zuciya da na hawan jini, da ƙwayar fitar da ruwa da aka ce ya sha da rana, ba da dare ba. Aka ce uwargida ta rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa a miyarsa. Bayan La'asar ya kwanta kamar awa guda ya ɗora ƙafafu a kan matashi, domin ruwan ya fita kafin Isha'i. Bayan wata guda ƙafar ta saɓe, yana tashi sau ɗaya, wani dare biyu.

A lura, ba kowane kumburin ƙafa ne zuciya ba. Ciwon ƙoda da na hanta suna kawo shi, wata ƙwayar hawan jini mai suna amlodifin ma tana sa shi. Haka kuma mai ƙiba da ke minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci, shi ma jikinsa yana sakin ruwa da dare. Matarsa ce za ta ba da wannan shaida, a tambaye ta.

*Na huɗu: ɗabi'a*

Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, takardar gefe ce za ta tona shi. Bayan Isha'i ya zauna wurin mai shayi ya sha kofi biyu, ya ci goro, ya shiga gida a dama masa fura kwano guda, ga kankana ko zoɓo. Wanda ya zuba lita guda a cikinsa ƙarfe goma na dare, ina yake so ta tafi? Ganyen shayi da goro da kofi da lemon kwalba mai baƙi suna ƙara fitsari, suna kuma tsokanar mafitsara. Abinci mai gishiri da dare ma haka.

A yi la'akari da lokaci. A hunturu ba a gumi, fitsari yakan ƙaru ga kowa. A watan azumi ruwan yini duka tsakanin Magariba da sahur ake shansa, tashin dare a lokacin ba ciwo ba ne. Akwai kuma wanda ba fitsari ke tashinsa ba. Sauro ne, ko ciwon gaɓɓai, ko tunanin bashi, in ya farka sai ya ce bari in zaga. Shi ma fitsarinsa kaɗan ne, amma da rana ba ya da wata matsala.

Gwajin wannan mako guda ne. A mayar da shayi da goro kafin La'asar, fura ta koma rana, a rage sha awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, a yi fitsari dab da hawa gado. Amma kada a rage ruwan rana, musamman a zafin bazarar ƙasarmu, domin wannan yana kawo tsakuwar ƙoda. Mai shan ƙwayar fitar da ruwa da dare ya koma wa likitansa a canza masa lokaci, kada ya daina da kansa. In mako ya wuce ba canji, to ba ɗabi'a ba ce kaɗai.

Dattijo guda yana iya haɗa biyu ko uku, ga furostet ga suga ga shayi. Takardar tana nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa, ba ta maye gurbin gwaji.

*Wanda ba zai jira awo ba*

A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, idan fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura tana ciwo. Wannan roba ake sawa a zuƙe, ba jiƙo ake ƙara masa ba. Haka idan akwai jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko numfashi ya gagara a kwance, ko mai ƙishirwar nan ya fara amai da magagi. Dattijon da ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci bai sani ba, shi ma kada a ce tsufa ne. Sau da yawa mafitsara ce ta cika ta tumbatsa, kuma tana iya kashe ƙoda a ɓoye.

Awon suga da na hawan jini da gwajin fitsari, a fara da babban asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi, asibitin Sa Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya, ko kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da takardar awon, za ta taimaki likita ƙwarai.

*Hukuncin tsarki*

Masu ɗigo suna tambaya a kan alwala. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke fita da kansa ba da iko ba, wanda ake kira salas, idan yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta in ba wahala. Idan lokacin zuwansa bai kai rabi ba, yana warwarewa. Wanda yake tashi da ƙafarsa ya je makewayi ba mai salas ba ne, komai yawan tashinsa. Mai ɗigo ya ɗan jinkirta bayan ya gama, ya yi istibra'i a hankali ba da matsa mai tsanani ba, ya sa ƙyalle, ya ware tufar salla. Kada ya bar jam'i don kunya, kada kuma ya bar neman magani don ya samu rangwame.

Iyalai kuma a taimaki tsofaffi. A ajiye masu fitila da takalmi da mazubi kusa da shimfiɗa. In sun farka su zauna a bakin gado kaɗan kafin su miƙe, domin faɗuwar dare tana karya ƙugu.

Wanda zai turo tambaya a kan wannan, ya haɗo da abu huɗu: shekarunsa, takardar kwana uku, lambar suga, da lambar hawan jini. Da su ne za a san wanda gyaran ci da sha ya ishe shi, da wanda za a ce maza ya kama hanyar asibiti.

A tura wa 'yan uwa, musamman masu iyaye tsofaffi a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ya zama kaffara, Ya jiƙan magabatanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.